Rubuta rahoton ɓarnar da ba a san mai ita ba: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu ɗauko rahoto, da editoci, da ma'aikatan da akan ɗora wa rubuta bayani idan aka wayi gari aka tarar da ɓarna. Tagogi a fashe, bango ya sha fenti, ko an sare itace, ko an datse waya, kuma babu wanda aka kama, babu wanda zai iya rantsuwa a kan dalili. An jera su daga masu sauƙi zuwa masu sarƙaƙiya.

Ba a san wanda ya yi ba, ba a san dalili ba. To me ya rage in rubuta?

Abin da ya rage yana da yawa. Akwai abin da aka lalata da yawansa, da inda yake, da wanda ya fara gani da lokacin da ya gani, da lokacin ƙarshe da aka ga wurin lafiya lau. Akwai waɗanda ɓarnar ta shafa da abin da ta hana su yi. Akwai wanda aka kai wa ƙara da abin da ya ce. Duk waɗannan ana iya tabbatar da su da ido ko da tambaya.

Sannan rashin sanin kansa labari ne. Mai karatu yana buɗe rahoton da tambaya biyu a ransa: waye, kuma don me? Idan ka yi shiru a kansu, zai cike gurbin da abin da ya ji a bakin mutane. Idan ka rubuta ƙarara cewa babu wanda aka gano kuma ba a tabbatar da dalili ba, ka ba shi abin da zai auna jita-jita da shi. Wahalar aikin ita ce alƙalami ba ya son gurbi. Da kansa yake neman kalmar da za ta toshe shi, kuma yawancin tambayoyin da ke ƙasa a kan irin waɗannan kalmomin suke.

Ta yaya zan tabbatar da gangan aka yi, ba hatsari ba ne?

Wannan ita ce tambayar da aka fi tsallakewa, alhali ita ce ta farko. Kalmar ɓarna tana ɗauke da hannun mutum da kuma niyya. Kafin ka yi amfani da ita, duba abin da wurin ke nunawa. Gilashin da aka jefa yana da wurin da abu ya same shi, tsagewar ta bazu daga nan ta kowane ɓangare, kuma mafi yawan ɓaraguzan sukan zuba ta gefen da abin ya nufa. Gilashin da bambancin zafi da sanyi ya tsaga kuwa, tsagarsa daga gefe take farawa, babu wurin bugu. Itacen da aka yanka da zarto yana barin fuska shimfiɗaɗɗiya da garin katako a gindi, wanda iska ta karya kuma a tsattsage yake. Wayar da aka datse da ƙarfe mai kaifi ta bambanta da wadda ɓera ya gaigaya ko wadda ta tsufa ta tsinke.

Ba a ce ka zama mai binciken laifi ba. Abin da ake so shi ne ka bayyana abin da ka gani, ka bar hukunci ga wanda aikinsa ne. Duwatsun kabari kan faɗi saboda ƙasa ta zaizaye ko gindinsu ya ruɓe, katanga kan rushe bayan ruwan sama, mota kan goge allon hanya ta wuce direban bai tsaya ba. A gobara kuwa kada ka kuskura ka rubuta "an cinna wuta" sai masu binciken gobara sun faɗa. Kafin nan, "wuta ta tashi" ne kawai abin da ka sani. Idan har yanzu da shakka, rubuta shakkar: "ba a tantance ko da gangan aka karya ko kuwa da kansa ya karye ba."

Akwai kuma bambanci tsakanin ɓarna da sata. Idan an datse waya an tafi da ita, ko an ɓalle ƙofa an ɗauki kaya, labarin ya sauya. Tambayi mai wurin ko ya ƙirga kayansa. Sau da yawa bai ƙirga ba tukuna, kuma wannan ma sai a faɗa.

"Wasu da ba a san ko su wane ne ba" bai wadatar ba?

Jimla ce mai kyau, amma dubi kalmarta ta farko. "Wasu" na nufin fiye da mutum ɗaya. Wa ya ƙirga su? Mutum ɗaya da guduma yana iya fasa tagogi ashirin cikin 'yan mintoci. Idan babu wanda ya gan su, babu sawu, babu bidiyo, to yawansu ma yana cikin abubuwan da ba a sani ba. Hausa ta ba mu mafita mai sauƙi: "an fasa", "an sare", "an watsa fenti". Wannan "an" ɗin ba ya faɗin mutum ɗaya ne ko goma, namiji ne ko mace, yaro ne ko babba.

Matsalar ta fi girma idan aka ƙara wa "wasu" suna. "Wasu matasa", "wasu 'yan shaye-shaye", "wasu 'yan daba", "wasu baƙi", "wasu fusatattun mutane". Kowace daga cikinsu ta amsa tambayar da ka ce ba a san amsarta ba. Ka ce matasa, ka yanke shekaru. Ka ce fusatattu, ka yanke dalili. Ka ce baƙi, ka wanke 'yan gida ka shafa wa wasu kashin kaji. Ko "ɓata-gari" da ake ganin ba ta nuna kowa, tana zana hoton wani irin mutum a ran mai karatu, alhali mai yin zai iya zama ma'aikacin wurin da ke riƙe da makulli. A ganina, a bar ta sai in cikin maganar wani ta fito, a sa ta a baka a ce wane ne ya faɗa.

A wane wuri a rahoton zan sa abin da ba a sani ba?

A sama, cikin sakin layi na farko ko na biyu. Al'adar da aka saba ita ce a cika rahoto da zarge-zargen mutane, sai a layin ƙarshe a ce "ya zuwa lokacin haɗa wannan rahoto ba a gano waɗanda suka aikata ba". Masu karatu da yawa ba sa kaiwa layin ƙarshe. Sun tashi da zargin, sun bar gyaran a ƙasa.

Kuma kada a dunƙule shi cikin jimla ɗaya mai cewa "ana ci gaba da bincike". Wannan ba ta faɗi komai ba. A rarrabe: ba a san wanda ya yi ba, ba a san ainihin lokacin ba, ba a san ko rubutun bango da fasa tagogi aikin hannu ɗaya ne ba. Kowane gurbi da sunansa. Misalin makarantar da ke ƙasa ya nuna yadda ake jera su ba tare da rahoton ya yi nauyi ba.

Idan na rubuta "ba a sani ba", waye bai sani ba?

Tambaya ce da editoci kan yi, kuma suna da gaskiya. Abubuwa huɗu mabambanta kan ɓuya a bayan wannan jimla. Na farko, 'yan sanda sun ce ba su gano kowa ba. Na biyu, 'yan sanda sun ce suna bincike amma sun ƙi cewa ko suna da wanda suke zargi. Na uku, ka neme su ba su amsa ba. Na huɗu, ba a ma kai musu ƙara ba. Idan ka rubuta "ba a san wanda ya yi ba" alhali halin da ake ciki na biyu ne, wataƙila ka yi kuskure, domin mai yiwuwa sun sani, faɗa ne ba su yi ba.

Saboda haka ka jingina rashin sanin ga mai shi. "Kakakin 'yan sanda ya ce ba a kama kowa ba kuma ba su tantance dalili ba." Ko kuma: "Kakakin ya ƙi cewa ko akwai wanda ake nema." Ko: "An kira ofishin 'yan sanda kuma an tura saƙo, ba a samu amsa ba har zuwa ƙarfe 5 na yammacin Litinin." Lura cewa "ba a kama kowa ba" da "ba a zargin kowa" ba ɗaya ba ne, kada ka musanya su don jimla ta yi daɗi.

A ba ni misali cikakke: yaya rahoton zai kasance daga farko?

Ga misali da aka ƙaga don koyarwa. An rufe wata makarantar sakandare ƙarfe 4 na yammacin Juma'a. Ƙarfe 7 na safiyar Litinin wata malama ta tarar da tagogi 14 a fashe a ajujuwa 3, ƙwaɗon ɗakin ajiya a ɓalle, kuma an rubuta zagin shugaban makarantar da jan fenti a bangon baya. Akwai duwatsu a cikin aji biyu. Kyamarar da ke kallon ƙofar gaba tana aiki, ba ta nuna kowa ya shiga ba, ta baya kuwa ta daɗe a lalace. Maigadi ya ce bai ji komai ba. Mako guda kafin nan an dakatar da ɗalibai 4 saboda faɗa. Mai saurin hannu zai rubuta: "Wasu fusatattun ɗalibai sun kai wa makarantarsu hari a daren Lahadi don ɗaukar fansar dakatar da abokansu." Ƙirga abin da ya ƙirƙira. Ɗalibai, babu wanda ya gani. Yawansu, babu. Daren Lahadi, alhali tsakanin rufewa da ganowa awa 63 ne, kuma zai iya zama Asabar da rana tsaka. Fansa, zato ne kawai da ya haɗa abu biyu saboda sun zo kusa da juna.

Rahoton da ya tsaya kan ƙafarsa zai fara kamar haka: "An fasa tagogi 14 tare da ɓalle ɗakin ajiya a makarantar a ƙarshen mako, an kuma rubuta kalaman zagi ga shugabanta a bango. 'Yan sanda sun ce ba a kama kowa ba, kuma ba su tantance wanda ya yi ko dalili ba. Ɓarnar ta faru ne a wani lokaci tsakanin ƙarfe 4 na yammacin Juma'a, lokacin da aka rufe makarantar, da ƙarfe 7 na safiyar Litinin, lokacin da wata malama ta gano ta. Hukumar makarantar ta ce ba ta gama ƙirga kayan ɗakin ajiyar ba, don haka ba ta san ko an ɗauki wani abu ba. Kyamarar ƙofar gaba ba ta nuna shigar kowa ba, ta bayan ginin kuma ba ta aiki. Ba a tabbatar ko mai rubutun bangon shi ne ya fasa tagogin ba." Daga nan sai a shiga abin da ya shafi jama'a: ajujuwa nawa aka rufe, ina aka mayar da ɗalibai, yaushe za a gyara.

Maganar ɗaliban da aka dakatar fa? A rahoton farko, ni ba zan sa ta ba. Su huɗu ne, kowa a makarantar ya san su, ambaton dakatarwar daidai yake da ambaton sunayensu, kuma yara ne. Idan daga baya 'yan sanda da kansu suka ce suna duba wannan ɓangaren, sai a ruwaito cewa su suka faɗa. Dalilin wannan taka-tsantsan yana cikin amsar tambayar da ke magana kan abubuwan da suka faru a baya.

An bar rubutu ko alama a bango. Wannan bai nuna dalili ba?

Ya nuna abin da aka rubuta, shi ke nan. Wanda ya rubuta yana iya nufin abin da ya rubuta har zuciyarsa. Yana iya zama mai neman tayar da hankali da kalmar da ya san za ta fi zafi, ba tare da ya damu da ma'anarta ba. Yana iya zama mai son a ɗora wa wasu laifi, ya rubuta taken ƙungiyarsu da gangan. Yana iya kuma zama mai wurin da kansa, don neman tausayi ko diyya. Duk huɗun suna faruwa, kuma fentin da ke bango iri ɗaya ne a cikinsu.

Sai dai wannan ba dalili ba ne na rage wa abin nauyi. Idan an zana alamar ƙiyayya a jikin wurin ibada, ka faɗi cewa alamar ƙiyayya ce, ka faɗi yadda ta girgiza masu wurin, domin wannan tabbas ne ko da waye ya zana. Abin da za ka riƙe shi ne tsallakawa daga "an rubuta taken ƙungiya kaza" zuwa "'yan ƙungiya kaza sun kai hari". Idan 'yan sanda sun ce suna binciken lamarin a matsayin laifin ƙiyayya, rubuta shi haka. Wannan bayani ne kan hanyar da binciken ya bi, ba sakamakonsa ba.

Mai wurin ya ce ya san wanda ya yi masa. In sa maganarsa?

Tambaye shi yadda ya sani. Idan ya ce da idonsa ya gani, wannan shaida ce, kuma wurinta na farko hannun masu bincike ne. Idan ya ce "ai kowa ya sani" ko "wa zai yi in ba shi ba", to zato ne na mutumin da ransa ya ɓaci, kuma zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Kana iya rubuta cewa mai wurin ya ce yana da wanda yake zargi kuma ya shaida wa 'yan sanda, ba tare da suna ko siffar da za ta sa a gane mutumin ba. "Maƙwabcin da suka yi rigimar fili" suna ne, ko da ba ka rubuta harafi ɗaya na sunansa ba.

Haka ake yi da manyan mutane. Idan jami'i ya ce "wannan zagon ƙasa ne daga 'yan adawa", maganarsa labari ce saboda muƙaminsa, amma a jimlar da ke biye dole a ce ko ya kawo hujja ko bai kawo ba, sannan a nemi waɗanda ya zarga su yi magana.

Ai idan na sa "ana zargin" na fita daga laifi, ko?

A'a. "Ana zargin" ba tare da mai zargi ba jita-jita ce da aka yi wa ado. Waye ke zargi, 'yan sanda, ko mai wurin, ko masu tsokaci a intanet? Haka "rahotanni sun ce" da "majiyoyi sun bayyana". A dokokin ɓata suna na ƙasashe da yawa, wanda ya maimaita ƙazafi yana iya ɗaukar alhaki kamar wanda ya fara shi, don haka cewa "ni dai na ji ne" ba kariya ba ce. Idan ba za ka iya rubuta wanda ke zargin da abin da ya dogara da shi ba, share jimlar.

An kama wani. Yanzu zan iya cewa an gano mai laifi?

Kamu mataki ne na bincike. Sashe na 11 na Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta Duniya ta 1948 ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa a shari'a, kuma wanda aka kama ma tukuna ba lallai an tuhume shi ba. Abin da ya faru da itacen Sycamore Gap a Ingila ya isa darasi. Sanannen itace ne da ke tsaye a gefen katangar Hadrian, tsohuwar katangar Romawa, a yankin Northumberland, aka sare shi da zarto mai inji a daren 27 zuwa wayewar 28 ga Satumba 2023. A ranar da aka gano, 'yan sanda suka kama wani yaro mai shekara 16. Kashegari suka kama wani dattijo mai shekara sittin da wani abu. Daga baya aka sanar da cewa babu wani mataki da za a ɗauka a kan ko ɗaya daga cikinsu.

Waɗanda kotu ta samu da laifi a watan Mayu 2025 wasu maza biyu ne daban, masu shekara talatin da wani abu, kuma a watan Yuli aka yanke wa kowannensu ɗaurin shekara 4 da wata 3. Duk wanda ya rubuta a makon farko cewa "an kama wanda ya sare itacen" ya yi ƙarya ba da niyya ba, kuma mutanen da ba su ji ba su gani ba ne suka ɗauki nauyinta. Abin lura kuma, ko bayan an yanke hukunci dalilin bai fito sarai ba. Wato ana iya cike gurbin "waye" a bar gurbin "don me" a buɗe, kuma rahoto ya kamata ya riƙe su daban-daban. Jimlar da ta dace a ranar kamu ita ce: "An kama mutum ɗaya dangane da lamarin, ba a tuhume shi ba, kuma 'yan sanda ba su bayyana dalilin ɓarnar ba."

Akwai bidiyon kyamarar tsaro. Me zan iya faɗa daga ciki?

Abin da ke cikinsa kaɗai, kuma bayan ka kalla da kanka. Idan mutum ya rufe fuska cikin duhu, ba ka san jinsinsa ko shekarunsa ba, sai dai ka faɗi irin tufafinsa da abin da ya riƙe. Duba ko agogon kyamarar daidai yake, domin da yawa ba a saita su. Tambayi wanda ya ba ka ko bidiyon cikakke ne ko yanki.

A ranar 6 ga Yuli 2022, wajen ƙarfe 4 na asuba, wani abu ya fashe ya tarwatsa ɗaya daga cikin manyan duwatsun nan masu ɗauke da rubuce-rubuce da ake kira Georgia Guidestones a jihar Georgia ta Amurka, waɗanda aka kafa tun 1980. Hukumomi suka rushe sauran a ranar saboda gudun kada su faɗo wa mutane. Hukumar binciken jihar ta fitar da bidiyon da ke nuna fashewar da kuma wata mota mai launin azurfa tana barin wurin, ba ta kuma ambaci sunan kowa ba. Abin da za a iya rubutawa a nan shi ne mota ta bar wurin jim kaɗan bayan fashewar kuma masu bincike suna neman bayani a kanta. "Motar maharan" ƙari ne daga marubuci.

An taɓa yin irin haka a wurin, ko akwai rigimar da ta gabata. In ambata?

Nan ne ƙwararru ma ke zamewa, domin kowace jimla gaskiya ce amma jerin su yana faɗin abin da ba a tabbatar ba. Idan ka rubuta "an fasa tagogin ofishin", sannan ka biyo da "a makon jiya ma'aikata sun yi zanga-zanga", mai karatu zai ɗaura igiyar da kansa. A batun duwatsun Georgia, 'yan makonni kafin fashewar wata 'yar takarar gwamna ta yi ta kiran a rushe su a yaƙin neman zaɓenta. Wannan gaskiya ne kuma yana da amfani ga mai son sanin irin taƙaddamar da ke kewaye da wurin, amma duk rahoton da ya ambace shi dole ya ƙara da cewa masu bincike ba su sanar da wata alaƙa tsakanin maganar da fashewar ba.

Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne: bayanin yana taimaka wa mai karatu ya fahimci wurin, ko kuwa yana nuna wasu mutane ƙalilan da yatsa? Taƙaddamar da aka yi a bainar jama'a ta shiga kashi na farko, a ambace ta tare da faɗin cewa ba a danganta su ba. Ɗalibai huɗu na misalin makarantar sun shiga kashi na biyu. Ka kuma kula da ƙananan kalmomi masu ɗaura dalili a ɓoye: "sakamakon", "biyo bayan", "a matsayin martani", "karo na uku da suka". Wannan ta ƙarshen tana cewa hannu ɗaya ne ya yi duka ukun. "Wannan ne karo na uku da aka lalata wurin a bana, kuma ba a tantance ko akwai alaƙa tsakaninsu ba" ta fi aminci.

Zan iya cewa an yi ne "ba gaira ba dalili"?

Ita ma da'awa ce. Cewa babu dalili daban yake da cewa ba a san dalili ba. Mai ɓarnar yana iya kasancewa da dalilin da ya daɗe yana ci masa rai. Bar ta a bakin wanda abin ya shafa, idan shi ya faɗa.

Wani ya fito ya ce shi ya yi. Shi ke nan an warware?

Ɗaukar alhaki magana ce, kuma magana tana buƙatar tabbaci. Akwai masu ɗaukar alhakin abin da ba su yi ba don neman suna. Tambayar ita ce, ya faɗi wani abu da mai yin kaɗai zai sani, wanda ba a riga an buga ba? Masu bincike sun gaskata shi? A 1964 aka yanke kan sanannen mutum-mutumin tagullan nan na 'yar ruwa da ke bakin teku a Copenhagen, babban birnin Denmak, ba a kuma sake ganin kan ba, sai sabo aka ƙera. Shekaru masu yawa bayan haka wani mai fasahar zane ɗan Denmak ya ce aikinsa ne. Marubuci mai hankali zai ce "ya yi iƙirarin", ya kuma ambaci cewa kan da zai zama hujja bai taɓa bayyana ba. Duba kuma amsar tambayar rubutun bango, domin saƙon da aka aiko ba suna bai fi rubutun bango ƙarfi ba.

Kanun labari gajere ne. Yaya zan sa rashin sani a ciki?

Ba sai ka sa shi duka ba, abin da ake so kada kanun ya saɓa wa rahoton. "An fasa tagogi 14 a makarantar sakandare" ya isa, in da wuri a ƙara "ba a kama kowa ba". Guji kanu mai alamar tambaya irin "Ɗalibai ne suka fasa makarantarsu?", domin alamar tambayar ba ta hana zargin zama a ran mutane. Kanu yana yawo shi kaɗai a wayoyi, da yawa ba za su buɗe su ga bayanin ba. Hoto ma haka: hoton ɓarnar ne ya dace, ba hoton mutanen da suka taru kallo ba, kar wani ya ɗauka su ne. Idan tsohon hoto ne, a rubuta a ƙasansa.

Bayan an buga, yaya zan yi idan sabon bayani ya fito, ko kuma bai taɓa fitowa ba?

Kowace jimlar rashin sani tana tsufa, saboda haka ka ɗaura mata lokaci. "Kawo yanzu" ba ta da amfani ga wanda zai karanta bayan wata shida. Rubuta "har zuwa yammacin Litinin" tare da kwanan wata. Idan sabon abu ya fito, a gyara a saman rahoton, a faɗi abin da ya sauya da lokacin da aka sauya shi, kada a goge tsohon a ɓoye kamar ba a taɓa rubuta shi ba. Idan an saki wanda ka ruwaito kamunsa, sakin ya cancanci wuri mai girma kamar wanda kamun ya samu, kuma a koma tsohon rahoton a sa bayanin a can ma, tunda shi ne zai riƙa fitowa idan aka nemi labarin.

Ɓarna da yawa ba a taɓa gano masu ita, musamman inda babu shaida kuma babu kyamara. Haɗarin a nan shi ne zaton makon farko ya rikiɗe ya zama tarihi. Bayan shekara biyu wani zai rubuta "makarantar da ɗalibai suka fasa", saboda haka ya ji ana faɗa. Duk lokacin da za ka waiwayi tsohon lamari, kira masu binciken ka tambayi matsayin fayil ɗin: a buɗe yake, an rufe shi don rashin shaida, ko an tuhumi wani. Sannan ka rubuta shi da kwanan watan da ka tambaya, misali: "'Yan sanda sun ce an dakatar da binciken ba tare da an tuhumi kowa ba, kuma ba su tantance dalilin ɓarnar ba."